Yadda ake tsara ma'aunin maki na auna aikin malamai don masu aunawa su daina saɓa wa juna

A makarantun kuɗi da yawa, idan ƙarshen zango ya zo sai a ɗauko fom ɗin auna aikin malamai mai matakai biyar, daga 5 zuwa 1: madalla, da kyau ƙwarai, da kyau, ba laifi, da rauni. Shugaban makaranta ya ba malami 4, mataimakinsa ya ba shi 2, shugaban sashe ya ba shi 5, alhali malamin ɗaya ne, zangon ma ɗaya. Daga nan sai zargi ya taso, a ce wane yana da nasa, wane kuma yana da ƙullalliya. Sau da yawa ba haka ba ne. Fom ɗin ne bai gaya wa kowa abin da “da kyau” ke nufi ba, sai kowa ya auna da abin da ke ransa. Wanda ya taɓa cika fom ɗin APER, na auna aikin ma'aikaci duk shekara a aikin gwamnati, ya san yadda irin wannan ke ƙarewa: kusan kowa ya fito da maki mai yawa, takardar ta kasa bambanta mai aiki da mai zaman kashe wando.

Maganin ba sabo ba ne. Tun a 1963 Patricia Smith da Lorne Kendall suka fitar da hanyar da ake ɗaure kowane mataki na maki da wani aiki da ake iya gani da ido, kuma a kan ma'aikatan jinya suka fara gwada ta a Amurka. Ita zan bi a nan, sai dai na rage mata nauyi yadda makaranta mai malamai ashirin ko talatin za ta iya ɗauka.

Fara da rage ɓangarorin da za a auna. Biyar ko shida sun isa: shirin darasi, koyarwa a aji, duba aikin ɗalibai, kula da tarbiyyar aji, kiyaye lokaci, da cike rajista da sakamako. Duk fom ɗin da ya kai layi ashirin, mai aunawa zai karanta uku na farko ne kawai, sauran ya bi su da maki iri ɗaya. Ka cire duk abin da yake hali ne ba aiki ba, irin su biyayya, kishin aiki da fara'a, domin babu mutum biyu da za su auna kishi su dace. Kada kuma ka haɗa abu biyu a layi ɗaya. “Kiyaye lokaci da tsafta” layi ne da ba ya aunuwa: malamin da ke zuwa ƙarfe bakwai amma ajinsa kaca-kaca, nawa za ka ba shi?

Matakai biyar nake amfani da su, kuma ban ga dalilin wuce haka ba. Idan ka yi goma, ba za ka iya rubuta bambancin 6 da 7 ba, abin da kuma ba a iya rubutawa ba a iya aunawa.

Kafin ka rubuta bayanin ko da mataki ɗaya, tara waɗanda suka san aikin, wato shugabannin sassa da tsofaffin malamai uku ko huɗu. Ka roƙi kowa ya rubuta abubuwan da ya taɓa gani da idonsa, masu kyau, marasa kyau, da na tsaka-tsaki, ba tare da ambaton sunan kowa ba. Kowane abu a katinsa. Ba sai an sayi komai ba, kwali biyu da almakashi sun wadatar, ko ma bayan tsofaffin takardun jarrabawa. Kati mai amfani shi ne irin wannan: “Ta mayar wa ɗalibai littattafan jinga bayan kwana uku, ta ja layi a ƙarƙashin kowane kuskure.” Wanda ba shi da amfani shi ne “Tana da ƙoƙari wajen duba aiki.” Ka nemi kati talatin zuwa arba'in. Za ka lura mutane suna saurin kawo na ƙwarai da na banza, su manta da na tsakiya, sai ka matsa musu a kansa, don a can yawancin malamanka suke.

Yanzu ga wurin da na fi ganin masu farawa suna faɗuwa. Da zarar katunan sun taru, sai su zauna su jera su da kansu daga 1 zuwa 5, su kai wa mai buga takardu. Wanda ya rubuta bayani kullum yana ganin bayaninsa a fili yake, saboda ya san abin da yake nufi. Dole a gwada katunan a kan waɗanda ba su rubuta su ba.

Ka samo mutum shida daga cikin waɗanda za su yi aunawar ko makamantansu. Ka cakuɗa katunan, ka ba kowa shi kaɗai, ba a ɗaki ɗaya suna leƙen juna ba, kuma kada shugaban makaranta ya fara faɗin ra'ayinsa, don da ya yi magana sauran za su bi shi saboda kara. Aikin farko shi ne kowa ya faɗi ɓangaren da katin ya faɗa. Idan biyar cikin shida ba su sa shi wuri ɗaya ba, ajiye shi gefe. Aiki na biyu, kowa ya ba katunan da suka tsira maki daga 1 zuwa 5. Sai ka jera makin kowane kati a layi ka duba tazararsa.

A ce katin mai jan layi a ƙarƙashin kuskure ya samu 3, 3, 4, 3, 3, 3. Wannan ya zauna, mataki na 3 ne. Wani katin kuma ya ce: “Yana tsayawa bayan an tashi yana ƙara wa ɗalibai masu rauni darasi.” Makinsa ya fito 5, 2, 4, 5, 3, 2. Idan ka tambaya, masu 5 za su ce sadaukarwa ce, masu 2 kuma su ce da ya koyar yadda ya kamata a cikin aji da ba a kai ga haka ba. Dukkansu suna da hujja, shi ya sa katin ba zai shiga fom ba, komai daɗin jinsa. Kada ka tara makin ka raba ka ce ya faɗa tsakanin 3 da 4. Matsakaicin maki yana ɓoye saɓanin ne, kuma saɓanin zai dawo ranar da aka auna malami na gaske. Ƙa'idata ita ce, duk katin da tazarar makinsa ta wuce mataki ɗaya, ko a sake rubuta shi a sake gwadawa, ko a jefar. Kada ka damu idan katuna da yawa sun zube, dalilin da ya sa aka tara da yawa ke nan.

Da katunan da suka rage za ka rubuta matakan, kuma da 3 za ka fara. Mataki na 3 shi ne malamin da ya yi aikin da ake biyansa dominsa, cif. Idan ka bari 3 ya yi kama da gazawa, babu mai aunawar da zai iya kallon abokin aikinsa ya ba shi, sai kowa ya gudu zuwa 4.

Ga yadda ɓangaren duba aikin ɗalibai zai iya fitowa. A saman layin a rubuta hujjar da za a duba: littattafai goma na aji ɗaya, waɗanda mai aunawa zai zaɓa daga rajista, misali kowane suna na huɗu. Ba malamin ne zai kawo su ba, don na zakarun aji zai kawo. Mataki na 3: aƙalla takwas cikin goman an duba aikin makonni biyun da suka wuce, da kwanan wata, an kuma ja layi a kan kurakurai. Mataki na 2: biyar zuwa bakwai ne aka duba, ko kuma an duba takwas ko fiye amma alamar daidai kawai aka bi aka zuba, har a kan amsar da ba daidai ba. Mataki na 1: ƙasa da biyar aka duba. Mataki na 4: duk abin da ke 3, ƙari da cewa malamin ya rubuta abin da ya sa amsar ta kuskure, ɗalibin kuma ya sake yin aikin an sake dubawa. Mataki na 5: duk abin da ke 4, sannan akwai shaida a shirin darasinsa cewa ya tattara kuskuren da ajin ya fi yi ya sake koyar da shi.

Ka lura da abu biyu a nan. Babu giɓi tsakanin adadin, duk yawan littattafan da aka samu yana da gidansa. Sannan daga 3 zuwa sama irin aikin ne ke sauyawa, ba ƙarin “sosai” ko “ƙwarai” ba. Kalmomi irin su “wani lokaci”, “sau da yawa” da “yawanci” su ne ke dawo da tsohuwar matsalar ta bayan gida, don “wani lokaci” na wani sau biyu ne a zango, na wani kuma sau biyu a mako. Duk inda ka gan su, sa adadi ko wa'adi. Adadin nan kuwa naku ne ku tsayar. Malamin Turanci mai duba insha'in ɗalibai sittin ba za a ba shi wa'adi ɗaya da mai aji na mutum ashirin da biyar ba, sai a rubuta wa'adin kowanne tun farko.

Ka ƙara akwati ɗaya a gefe mai cewa “ban gani ba”. Mataimakin da bai taɓa shiga ajin malami ba, in babu wannan akwatin, 3 zai ba shi ya wuce.

Kafin a fara amfani da fom ɗin, masu aunawa su yi gwaji tare. A ɗauko littattafai goma na wani aji, kowa ya ba da makinsa a ɓoye, sannan a buɗe. Inda aka saɓa da fiye da mataki ɗaya, kowa ya nuna shafin da ya dogara da shi. Idan shafi ɗaya suka kalla suka fahimci bayanin daban, bayanin za a gyara. Idan kuma mutum ɗaya ne kullum yake sama da kowa, shi za a zauna da shi, galibi tsoron kada ya hana wani ƙarin albashi ne ke damunsa. A sa doka cewa duk wanda ya ba da 1 ko 5 sai ya rubuta abin da ya gani da ranar da ya gani.

A raba wa malamai fom ɗin a makon farko na zango, ba ranar aunawa ba. Bayan zagayen farko, a ƙirga yadda makin kowane ɓangare ya rabu. Ɓangaren da kusan kowa ya samu 4 ko 5, a koma a duba ko bayanin 4 ɗinsa ya yi sauƙi har ya zama aikin yau da kullum. Idan haka ne, a sauko da shi zuwa 3, a rubuta sabon 4, a sake ba mutum shidan nan su gwada.