Gyaran jimlar farko wajen gabatar da baƙo a taro

Ba a sauya sallama, haka ma gaishe da sarki, liman da dattawa. Su ne ladabin taro. Abin da yake buƙatar gyara shi ne jimlar da take biyo bayansu, don a nan ne masu gabatarwa da yawa suke rasa hankalin jama'a.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce: "Wannan bawan Allah ba sai an gabatar da shi ba." A garinsu ƙila haka ne. Amma a taron Agege ko Idi-Araba a Legas za ka tarar da mutumin Sakkwato, da na Kano, da na Maraɗi, har da Bayarabe abokin ciniki, kuma rabinsu ba su taɓa jin sunansa ba. Ka bar su cikin duhu ke nan, shi kuma baƙon ka tauye masa haƙƙi. Za ka gane haka idan ka ga mutane suna raɗa, suna tambayar juna wane ne.

Maganin yana farawa kafin taro. Ka keɓe da baƙon na minti biyu, ka tambaye shi abu uku: yadda yake so a kira sunansa da muƙaminsa, aikin da ya yi wanda ya shafi wannan zama, da abin da zai yi magana a kai. Daga amsoshin za ka ɗinka jimla biyu ko uku, kada su wuce rabin minti.

Ɗauki misalin taron 'yan albasa a kasuwar Mil 12. Maimakon tsohuwar jimlar, sai ka ce: "Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Sarki, Allah ya gafarta Malam, iyayenmu dattawa. Duk wanda ya taɓa kwance buhu ya tarar da rabinsa ya ruɓe a hanya ya san zafin abin. Alhajin da zai yi mana bayani ya shekara ashirin yana lodin albasa daga Aliero zuwa nan, kuma yau zai nuna mana yadda ake shanya ta kafin a ɗura a buhu." Babu "gogagge" ko "shahararre" a ciki, shekarun da aikin sun wadatar. Sai dai ka tabbatar da adadin daga bakinsa, don ƙari a gaban abokan sana'arsa kunya zai jawo masa.

"Ba tare da ɓata lokaci ba" kuwa a cire ta kawai, a ce "Bismillah, Alhaji." Ita ma "kamar yadda kowa ya sani" ba ta da amfani: faɗi abin kai tsaye.

Wasu matasa, garin neman sabon salo, sukan buɗe da barkwanci ko su kira dattijo da sunansa tsura. Wannan ya fi tsohuwar jimlar muni. Idan manyan suna da yawa, kira uku na gaba bisa girmansu, sauran ka haɗa su da "da dukkan iyayenmu da ke wannan zama", don jeranta goma a manta ɗaya shi yake kawo ɓacin rai.