Yadda tela zai rubuta wa mai kaya bayanin hoton samfurin kayan biki da aka haɗa da AI

Wasu teloli a Sakkwato sun fara haɗa hoton samfuri da manhajar AI kafin su yanka kayan amarya. Matsalar ita ce hoton yana fitowa tamkar an ɗauki mutum sanye da rigar da aka gama ɗinkawa, mai kaya kuma ta ɗauka abin da za ta karɓa ke nan. Aikin saƙonka shi ne ya raba mata abin da ka yi alkawari da abin da na'ura ta ƙawata, tun almakashi bai taɓa yadi ba.

Fara da hoton kansa. Kada ka tura fiye da uku, kuma ka sa wa kowane lamba. A jikin hoton, ba a ƙasansa ba, rubuta "samfuri ne, ba ɗinki ba", domin amarya za ta tura wa ƙawaye da gwaggo a WhatsApp, bayanin da ka rubuta daban kuwa ba zai bi shi ba. Kada ka sa fuskar amarya a manhajar sai da izininta.

Kafin ka rubuta komai, buɗe hoton ka duba shi da idon mai yanka. Manhajar ba ta san ɗinki ba, kamannin hotuna kawai take haɗawa. Shi ya sa za ka ga riga ta kama jiki tsaf amma babu zif, babu inda aka haɗa hannu da kafaɗa, ko aikin wuya na dama ya saɓa da na hagu. Ta kan zana shadda tana zuba kamar siliki, alhali shadda tsayawa take. Zanen leshi ko atamfar da ke hoton ma ƙirƙira ce. Ko an zagaye Babbar Kasuwa rumfa-rumfa ba lallai a samu irinsa ba.

Inda aka fi samun rigima shi ne yawan yadi. A ce uwar amarya ta kawo leshi yadi 5 na kayan kamu, ta zaɓi hoto mai doguwar riga da ƙasa buɗaɗɗe da jela tana jan ƙasa. Yadi 5 zai fitar da doguwar riga da hannu, amma buɗewar nan da jelar suna iya cin ƙarin yadi 2 ko fiye, gwargwadon tsawon amarya. Ga kuma bakin leshi, wanda dole ya faɗo a ƙasan riga da bakin hannu, don haka ba a juya shi yadda aka ga dama wajen yanka. Wannan lissafin ya shiga saƙon, tare da zaɓi biyu. Misali:

"Assalamu alaikum Hajiya, ina wuni, ya shirye-shiryen biki? Ga hotuna uku na kayan kamu. Na'ura ce ta zana su don ki ga fasali, ba a ɗinka su ba. A lamba 2 da kika fi so, abin da zan fitar daidai shi ne yankan wuya, dogon hannu da tsawon rigar. Zanen leshi da launi kuwa na leshinki ne, ba na hoton ba, kuma zaman rigar zai bi awon amarya. Jelar ba za ta fita a yadi 5 ba: ko a ƙaro yadi 2 na leshin, ko in yi ta da net mai launinsa. Duwatsun ƙirji aikin hannu ne, kuɗinsu daban, kuma za su ƙara kwana uku. Ba zan yanka ba sai kin amsa."

Bi saƙon da hoton leshin nata na gaske, wanda ka ɗauka da rana a inuwa, ka ɗora masa shafi da zaren da za ka yi aiki da su. Hasken kwan shago yana sauya launi, fuskar waya ma kowace da yadda take nunawa, ruwan toka sai ya koma shuɗi-shuɗi.

Idan Hajiya ta fi son saƙon murya, karanta mata shi da baki, amma ka bar rubutaccen. Kuma ka tabbatar wa ke da ta cewa, uwa ko amarya, don sau da yawa ɗaya ce ke biya, ɗaya ke sawa. "To, ya yi kyau" ba amsa ba ce. Nemi ta rubuto lambar hoton, da zaɓinta kan jela, da ranar da amarya za ta zo gwaji, wadda ya kamata ta kasance aƙalla mako guda kafin kamu saboda gyara.