Yadda ake rubuta rahoton furojet ɗin sofwaya wanda ba zai watse ranar difens ba

Abin da ke kayar da yawancin ɗaliban shekarar ƙarshe shi ne babin zane yana magana daban, babin gwaji daban, babin sakamako kuma sikirinshot ne zalla. Maganin shi ne ka ɗau buƙata ɗaya ka bi ta tun daga farko har ƙarshe. A ce manhajar aron littafi ta laburare ka gina.

Da farko ka ba kowace buƙata lamba, ka rubuta ta yadda za a iya gwada ta. "Manhajar ta yi aiki da kyau" ba buƙata ba ce. Amma "B3: ba za a ara wa mutum biyu kwafi ɗaya a lokaci guda ba", wannan kam ana iya gwadawa.

Sai babin zane, nan ne makin yake. Kar ka ce kawai ka yi amfani da PostgreSQL ka wuce, faɗi hanyoyin da ke gabanka da dalilin da ya sa ka bar ɗaya. A B3 hanya biyu ce, ko kod ɗinka ya duba littafin yana nan kafin ya ara, ko databes ɗin da kansa ya hana. Ta farkon tana da rami, domin in mutum biyu suka danna tare duk za su ga littafin yana nan kafin ɗayansu ya rubuta, shi ke nan an ara sau biyu. Shi ya sa ka zaɓi ta biyun, sai ka nuna layin da ya yi aikin kaɗai, ba shafi biyar na kod ba:

```sql
CREATE UNIQUE INDEX aro_daya ON aro (kwafi_id)
WHERE ranar_dawowa IS NULL;
```

Gwaji kuma tebur za ka yi: lambar gwaji, buƙatar da yake gwadawa, abin da ka shigar, abin da kake tsammani, abin da ya fito. Misali G7 na B3 ne, ka tura neman aro 20 lokaci guda kan kwafi ɗaya, kana tsammanin 1 ya shiga 19 a ƙi su. In kafin gyaran 3 suka shiga, rubuta hakan wallahi, kar ka goge. Teburin da komai ya ci tun karon farko, sufabaiza zai yi zargin cike shi kawai aka yi.

A sakamako ka koma kan lambobin nan, B3 ta cika, shaida G7. In ka auna sauri faɗi kwamfutar da ka auna a kai, littattafai nawa ke cikin databes, kuma sau nawa ka maimaita. Sannan ka faɗi inda gwajin ya tsaya, cewa a laftof ɗaya ka yi, da neman aro 20 ba 2,000 ba.