Yadda Ake Fitar da Ainihin Aikin Kwamfaresa daga Aikin Aisentirofik

Ɗalibin injiniyanci da ke karatu a Birnin Kebbi ko Ƙaura Namoda zai haɗu da tambaya irin wannan tun a darussan farko na ilimin zafi da aikin inji: an ba shi matsin iskar da ke shiga kwamfaresa, da matsin da take fita da shi, da ingancin aisentirofik na injin, sannan a ce ya nemo aikin da injin yake ci a zahiri. Hanyar gajeriya ce, amma akwai wurare biyu ko uku da ƙafa ke zamewa, kuma kuskuren da aka yi a takarda shi ne yake komawa sayen motar lantarki mai juya kwamfaresa da ta yi wa injin kaɗan.

Aikin aisentirofik shi ne aikin da kwamfaresa zai buƙata da a ce babu gogayya a cikinsa, iska ba ta hargitsewa, kuma zafi ba ya shiga ba ya fita ta jikinsa, wato entirofin iskar bai canja ba daga shiga zuwa fita. Babu injin da ya cika waɗannan sharuɗɗa, amma wannan aiki shi ne mafi ƙanƙantar abin da injin da ba a sanyaya shi zai iya ci don kai iska wancan matsi. Saboda haka ake auna injin gaskiya da shi:

```
η = ws / wa = (h2s − h1) / (h2 − h1)
wa = ws / η
```

A nan η inganci ne, ws aikin aisentirofik, wa ainihin aiki, h kuwa entalfi, wato makamashin da iskar ke ɗauke da shi; lamba 1 tana nufin shiga, 2 fita, 2s kuma fitar aisentirofik. Sharaɗin kwatancen shi ne duka biyun su tashi daga yanayin shiga ɗaya, su ƙare a matsin fita ɗaya.

Mu ɗauki kwamfaresa da ke jan iska a wata masana'anta a Birnin Kebbi da tsakar ranar Afrilu, zafin iskar digiri 40, matsinta 100 kPa, agogon bututun fita yana nuna 700 kPa, ingancin injin kuma 0.80.

Mataki na farko shi ne gyara alƙaluman kafin a taɓa kalkuleta. Zafi dole ya koma ma'aunin Kelbin, wato a ƙara 273, ya zama 313 K. Matsi kuma dole ya zama cikakke, domin agogo yana nuna abin da ya haura matsin sararin samaniya ne kawai, don haka 700 da ke fuskarsa 800 kPa ne, rabon matsin ya zama 8. Wanda ya yi aiki da 7 zai sami amsar da ta gaza da kusan kashi 8 cikin ɗari, kuma babu abin da zai ankarar da shi, domin amsar za ta yi kama da daidai.

Mataki na biyu shi ne nemo zafin da iskar za ta fita da shi da a ce matsewar aisentirofik ce. Ga iska, k, wato rabon zafin da take sha a matsi ɗaya da wanda take sha a girma ɗaya, yana daidai da 1.4:

```
T2s = T1 × (P2/P1)^((k−1)/k)
T2s = 313 × 8^0.2857 = 313 × 1.811 = 567 K
```

Daga nan aikin aisentirofik ya samu, da cp na iska, wato zafin da kilogiram ɗaya ke sha don ya ƙaru da digiri ɗaya a matsi ɗaya, 1.005 kJ/kg·K:

```
ws = cp × (T2s − T1) = 1.005 × 254 = 255.3 kJ/kg
```

Mataki na uku shi ne wanda ya fi kayar da mutane, alhali layi ɗaya ne. Ana raba aikin aisentirofik da inganci, ba a ninka shi:

```
wa = 255.3 / 0.80 = 319.1 kJ/kg
```

Abin da ke jawo ruɗani shi ne tabayin, injin da tururi ko iska ke juyawa, wanda galibi ake koyarwa tare da kwamfaresa. Tabayin yana ba da aiki ne, don haka na gaskiya yana bayar da ƙasa da abin da marar aibi zai bayar, sai a ninka da inganci. Kwamfaresa kuwa karɓar aiki yake yi, kuma inji mai aibi ya fi marar aibi ci. Idan ka ninka a nan za ka sami 204 kJ/kg, wanda ke nufin injinka ya fi injin da ba shi da gogayya ko kaɗan, abin da doka ta biyu ta ilimin zafi ba ta yarda da shi ba. A ganina ya kamata duk wanda ya gama lissafin ya tsaya ya duba abu ɗaya: shin wa ya fi ws girma? Idan bai fi ba, an juya rabon.

Sai tambayar inda rarar nan ta kusan 64 kJ/kg ta tafi. Ba ta ƙara wa iskar matsi ba, tun da matsin fita 800 kPa ne a lissafin biyu. Gogayya ta mayar da ita zafi, kuma zafin yana cikin iskar da ke fita. Mataki na huɗu ke nan:

```
T2 = T1 + wa / cp = 313 + 317.5 = 630.5 K
```

Wato kimanin digiri 357, maimakon digiri 294 na lissafin aisentirofik. Zafi irin wannan ya wuce abin da man inji zai jure, shi ya sa manyan kwamfaresa ke matse iska a matakai biyu ko fiye, ana sanyaya ta a tsakani. Wannan mataki kuma shi ne ke ba da damar bin hanyar ta baya: idan injin yana aiki a gabanka, ka auna zafin shiga da na fita da matsin biyu, ka lissafa T2s, sannan ka raba (T2s − T1) da (T2 − T1), ingancin ya fito.

Don samun ƙarfin injin ana ninka aikin da yawan iskar da ke wucewa. Idan kilogiram 0.05 ne a kowace daƙiƙa, injin yana buƙatar kusan 16 kW, ba 12.8 kW na lissafin aisentirofik ba. Asarar da ake yi a motar lantarki da bel da boris ba ta cikin wannan adadi, tana da nata ingancin da za a sake rabawa da shi kafin a zaɓi mota ko janareta. A lura kuma cewa aikin yana tafiya ne da T1: da safiyar hunturu a Gusau, in zafin iska digiri 15 ne, injin nan zai ci kusan 294 kJ/kg kawai. Don haka bai kamata a bar bakin shan iska a cikin ɗakin inji mai zafi ba.

Hanyar tana da iyaka da ya kamata a kiyaye. Duk lissafin ya ginu ne a kan cewa zafi ba ya fita ta jikin injin. Kwamfaresan mai faci a bakin titi, mai tsage-tsagen ƙarfe a kan silinda da fanka tana hura shi, yana zubar da zafi sosai, kuma idan ka auna zafin fitarsa ka sa a rabon nan kana iya samun inganci da ya haura kashi 100 cikin ɗari. Wannan alama ce ta cewa an yi amfani da ma'aunin da bai dace ba. Injin da ake sanyayawa ana kwatanta shi ne da matsewar da zafi ba ya canjawa, wadda aikinta R × T1 × ln(P2/P1) ne, inda R ke nufin tsayayyen adadin gas na iska, kimanin 187 kJ/kg a misalinmu.

Haka kuma cp na iska yana ƙaruwa da zafi, ya kai kusan 1.06 a wajen 630 K, don haka mai neman amsa ta ƙwarai ya koma teburin iska ya ɗauki entalfi kai tsaye. Ga gas ɗin firji da na'urar sanyaya ɗaki kuwa, ba a amfani da k da cp sam. Ana karanta h1 da s1 a teburin gas ɗin, a je matsin fita a nemo entalfin da ya dace da entirofi s1, shi ne h2s, sannan a cire h1 daga cikinsa a raba da inganci, a mayar da abin da ya fito a kan h1 don samun h2.