Darasi na Bakwai: Karanta Jadawali da Zanen Sanduna Kafin Amsa Tambaya

A takardar aikin kimiyya, jadawali yakan zo a sama, tambayoyi a ƙasa. Ɗalibai da yawa kan tsallake su faɗa kan tambayoyin, sannan su dawo suna lalube cikin lambobi. Ku fara da jadawalin. Ga wanda za mu yi aiki da shi yau.

Taken jadawali: Yawan sukari da gishirin da ke narkewa a cikin ruwa giram 100

| Zafin ruwa (°C) | Sukari (giram) | Gishiri (giram) |
|---|---|---|
| 0 | 179 | 36 |
| 20 | 204 | 36 |
| 60 | 287 | 37 |
| 100 | 487 | 39 |

Ku ɗora yatsa a kan taken, ku karanta shi a bayyane. Ya gaya muku cewa ruwan bai canza yawa ba, giram 100 ne a kowane layi. Sai ku duba kan kowane gurbi. Alamar °C tana nufin digirin zafi: a 0 ruwa ke daskarewa, a 100 yake tafasa. Sauran gurabe biyun nauyi ne, da giram. Wanda ya rubuta "204" kawai a matsayin amsa bai gama ba, sai ya ce giram 204.

Yanzu ku bi gurbin sukari daga sama zuwa ƙasa. Lambobin suna hawa. To amsar tambaya irin "Me ke faruwa da sukari idan zafin ruwa ya ƙaru?" ita ce: duk lokacin da zafin ya ƙaru, sukarin da ruwan zai iya narkarwa yana ƙaruwa. Ku lura amsar ta ambaci abu biyu, zafi da sukari. "Yana hawa" shi kaɗai ba amsa ba ce, domin mai duba takarda zai ce, me ke hawa?

Inda ake yawan faɗuwa shi ne tambayar da ke biye: "A ina ƙarin ya fi sauri?" Nan sai an yi ɗebewa. Daga 179 zuwa 204 an ƙaru da giram 25. Daga 204 zuwa 287, giram 83. Daga 287 zuwa 487, giram 200. Amma kafin ku kwatanta su, ku waiwayi gurbin zafi. Tsallen farko digiri 20 ne, na biyu da na uku kuwa digiri 40 ne kowanne. Kwatanta 25 da 83 kai tsaye kamar kwatanta kuɗin mudu ɗaya ne da na mudu biyu. Ku raba 83 gida biyu, za ku samu 41 da rabi a kowane digiri 20. Har yanzu ya fi 25, sai dai ratar ba ta kai yadda ido ya fara gani ba. Shi kuwa 83 da 200 ana iya jera su, tunda tsallensu ɗaya ne. Ƙarin ya fi sauri tsakanin digiri 60 da 100.

Gishiri ba ya buƙatar dogon bayani. Daga 36 zuwa 39 ne kacal, wato zafi bai dame shi sosai ba.

Sai dai wannan gishirin shi zai iya ruɗa ku idan aka mayar da shi zanen sanduna. A irin wannan zane, kowace sanda tana tsaye ne a madadin lamba ɗaya, ma'aunin kuma yana jere a gefen hagu. Ku fara duba lambar da ke can ƙasan ma'aunin. Idan mai zanen ya fara daga 35 maimakon sifili, sandar 36 za ta hau mataki ɗaya, ta 39 ta hau mataki huɗu. Ido zai ce gishirin ya ninka sau huɗu, alhali giram 3 ne bambancin. Don haka kada ku yarda da tsawon sanda. Ku kwantar da rula ko gefen takarda a kan sandar, ku bi shi a miƙe zuwa ma'aunin hagu, ku karanta lambar da ya taɓa.

Idan aka tambaye ku sukarin da zai narke a digiri 40, babu shi a jadawalin, amma za ku iya cewa yana tsakanin giram 204 da 287. Dalilin da ya sa sukari ya fi gishiri narkewa kuwa, jadawalin bai faɗa ba, wannan sai a darasin malam.

Aiki

1. A wane zafi ne giram 37 na gishiri ke narkewa?
2. Daga digiri 0 zuwa 100, giram nawa sukari ya ƙaru?
3. Ku zana sanduna huɗu na gishiri, ma'aunin ya fara daga sifili. Ku rubuta jimla ɗaya kan abin da kuka gani.