Darasi na 9: Idan tsada da rashin aiki suka zo tare

A shekarar 1958 wani masanin tattalin arziki mai suna A. W. Phillips, ɗan ƙasar New Zealand da ke koyarwa a Landan, ya bincika lissafin albashi da na marasa aiki a Ingila tun daga 1861 har zuwa 1957. Ya tarar cewa a shekarun da marasa aiki suka yi ƙaranci albashi yana saurin hawa, a shekarun da suka yi yawa kuma albashi yana tafiyar hawainiya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: idan ma'aikata sun yi wuya, mai ɗaukar aiki dole ya ƙara kuɗi, sannan ya ɗora ƙarin a kan farashin kayansa.

Daga nan gwamnatoci da yawa suka ɗauki abin kamar sikeli mai kwano biyu, tsada a ɗaya, rashin aiki a ɗaya. Idan wannan ya yi sama, wancan zai yi ƙasa. Gwamnatin da ke son mutane su sami aiki sai ta saki kuɗi, ta sauƙaƙa bashi, ta haƙura da 'yar tsada. Wadda tsada ta dama sai ta ƙulle bakin aljihu, ta haƙura da zaman banza. A shekarun 1960 lissafin Amirka ya yi kamar ya gaskata wannan. Shekarun 1970 suka ƙaryata shi, domin tsada da rashin aiki sun tashi lokaci guda. Dalili biyu ne, kuma za mu gan su cikin littafin lissafin wani gidan burodi da muka ƙaga a nan Damagaram.

Lissafin gidan burodi

A wata guda gidan yana sayar da burodi na sefa 2,000,000. Fulawa, sukari, yis, itace da kuɗin mota suna cin 1,400,000. Ma'aikata 10 ne, kowa yana karɓar 40,000, jimla 400,000. Ribar maigida 200,000.

Dalili na farko: mutane suna farga

A ce kuɗi sun yawaita a hannun jama'a, kowane kaya ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, amma albashi bai motsa ba. Ciniki ya koma 2,200,000, kayan haɗi 1,540,000, albashi yana nan 400,000. Riba ta zama 260,000. Maigida ya ga kasuwa ta buɗe, ya ƙara ɗaukar yaro guda. Idan masu sana'a dubbai suka yi haka, rashin aiki ya ragu. Har zuwa nan maganar Phillips tana daidai.

To daga ina wannan ƙarin riba ya fito? Daga aljihun ma'aikata. Wanda ya shiga kasuwar Dole da 40,000 ɗinsa zai ga tiyar hatsi da kwalbar mai sun fi ƙarfinsa. Raba 40,000 da 1.10, za ka sami kusan 36,400. Wannan ne ainihin abin da albashinsa ke iya saye yanzu. Bayan 'yan watanni ma'aikata suka ce sai an maida su 44,000. Albashin mutum 10 ya zama 440,000, riba ta sauko 220,000, wadda ba ta saye fiye da abin da 200,000 ke saye a da. Abin da ya sa aka ɗauki yaro na goma sha ɗaya ya gushe, aka sallame shi. Marasa aiki sun koma yadda suke, amma farashi bai koma ba.

Idan gwamnati ta so ta maimaita dabarar, kashi 10 ba zai ƙara yin aiki ba, domin kowa ya riga ya sa shi cikin lissafinsa: mai gidan haya, mai ba da bashi, lebura. Sai ta kai 15, gaba kuma 20. Masana tattalin arziki na Amirka, Milton Friedman da Edmund Phelps, sun faɗi haka a 1967 da 1968, tun kafin abin ya auku: tsada tana samar da aiki ne kawai muddin ta zo wa mutane ba zato.

Dalili na biyu: tsadar da ta taso daga kayan aiki

Mu koma lissafin farko. A wannan karo kuɗin jama'a bai ƙaru ba, man mota ne da fulawa suka yi tsada, kayan haɗi suka ƙaru da kashi 20, daga 1,400,000 zuwa 1,680,000. Idan maigida bai taɓa farashi ba, ya faɗi da 80,000. Sai ya ƙara kashi 10 a kan burodi, masu saye kuma suka ragu da kashi 10, wasu sun koma koko da ƙosai. Ciniki ya zama 1,980,000. Da yake an rage gashi, kayan haɗi sun ci 1,512,000. Bayan albashi, riba 68,000 kacal. Aikin ya ragu, riba ta karye, sai ya sallami mutum biyu. Burodi ya yi tsada, ma'aikata sun ragu, duk a wata guda.

Irin wannan ne ya faɗa wa duniya a watan Oktoba na 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa masu fetur suka rage haƙowa, suka kuma hana sayar wa Amirka da wasu ƙasashe. Cikin 'yan watanni ganga ta tashi daga kusan dalar Amirka 3 zuwa kusan 12. A 1974 tsada a Amirka ta kai kashi 11, a watan Mayu na 1975 marasa aiki suka kai kashi 9. A Ingila tsadar 1975 ta haura kashi 20. Juyin juya halin Iran na 1979 ya sake tayar da farashin mai, tsada a Amirka ta wuce kashi 13 a 1980. Ba fetur kaɗai za a ɗora wa laifi ba: ya zo ya tarar da mutanen da suka shekara da shekaru suna sa ran tsada, don haka kowane ƙarin farashi sai ya haifi ƙarin albashi, shi kuma ya haifi wani ƙarin farashi.

Abin da ya sa magani ya yi wuya

A irin wannan hali, sakin kuɗi yana ƙara tsada ba tare da ya ƙara ganga ko guda ta mai ba. Ƙulle kuɗi kuma yana ƙara korar ma'aikata. Paul Volcker, wanda ya zama shugaban babban bankin Amirka a 1979, ya zaɓi ƙullewa. Kuɗin ruwa ya kai wajen kashi 20 a 1981, marasa aiki suka kai kashi 10.8 a ƙarshen 1982, kafin tsada ta sauko kusan kashi 3 a 1983.

Yadda za a gane irin tsadar da ake ciki

A ƙasarmu yawancin mutane aikin kansu suke yi, saboda haka rashin aiki ba ya fitowa sosai a takardun sallama. Ana ganinsa a tela mai zaman jiran ɗinki, da ɗan kabu-kabu mai wuni da fasinja kaɗan, da samari masu tafiya cirani tun da wuri. Ka tambayi ɗan kasuwa abu biyu: farashi ya hau? Yawan abin da kake sayarwa ya ƙaru ko ya ragu? Idan duka sun hau, kuɗi ne suka yawaita. Idan farashi ya hau amma buhunan da ke fita sun ragu, tsadar daga kayan aiki ta fito, ko fari, ko rufe iyaka, ko faɗuwar kuɗin ƙasa kamar a watan Janairu na 1994, lokacin da faran ɗin Faransa guda ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, kayan waje suka yi tsada dare ɗaya.

Aikin gida

Albashin wani mai gadi ya tashi daga 30,000 zuwa 33,000, kaya kuma sun ƙaru da kashi 20 cikin 100. Raba 33,000 da 1.20. Ya ci gaba ne ko ya ci baya, kuma da nawa?