Yadda za ki tafi hutun haihuwa ki dawo ki tarar da aikinki

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta hana a sallami mace tana hutun haihuwa, amma ba ta ce komai ba a kan kujerar da za ta tarar idan ta dawo. A wannan giɓin ne mata da yawa suke rasa aikinsu. Ba a kore su ba, amma sun dawo sun tarar an ba wata teburinsu, su kuma an tura su wani lungu da albashin da bai kai na da ba. Saboda haka shirin dawowa tun kafin a tafi ake yin sa, kuma da takarda ake yin sa.

Mataki na farko: ki san wace doka ce ta hau kanki

Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba mace mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta. Na kafin haihuwa haƙƙinki ne, in kin ga dama ki ɗauka. Na bayan haihuwa kuwa dole ne, mai aiki ba shi da ikon barinki ki yi aiki ko da ke kika nema. Kwana 42 ke nan, wato arba'in ɗinmu da kwana biyu a kai. Idan kin yi wata shida a jere kina aiki a wurin kafin ki tafi, za a biya ki aƙalla rabin albashinki.

Sai dai ba kowace mai aiki ba ce wannan doka ta kira ma'aikaciya. Sashe na 91 ya cire masu riƙe da muƙaman gudanarwa da na shugabanci da masu aikin ƙwarewa. Mai karɓar kuɗi a kanti, da mai aiki a masaƙa, da mai shara a kamfani suna ciki. Manaja ko akanta ko lauyar kamfani, nata haƙƙin yana cikin takardar ɗaukar aiki da littafin ƙa'idojin ma'aikata. Ma'aikaciyar gwamnatin tarayya kuma dokokin aikin gwamnati ne suka shafe ta, kwanakin aiki 112 da cikakken albashi, sannan jihohi kowace da nata tsarin: Kaduna ta mayar da shi wata shida a 2019. To ki ɗauko takardar ɗaukarki aiki ki karanta tun ciki yana ƙarami. Idan ta ba ki fiye da abin da doka ta bayar, ita za a bi. Idan kuma ba a taɓa ba ki takarda ba, ki nema, domin sashe na 7 ya wajabta a bayar da ita cikin wata uku da fara aiki.

Mataki na biyu: takardar likita da lissafin kwanaki

Nan ne kunya take cutar da mu, musamman a cikin fari. Mace ta ɓoye, ta yi ta jan hijabi, sai ranar da ta kasa tashi ta aika a ce wa oga ba ta da lafiya. A idon doka wannan fashin aiki ne. Kariyar sashe na 54 kafin haihuwa tana rataye ne da takardar likita mai rajista, wadda ta nuna ana sa ran haihuwa cikin mako shida. Katin awo ba ya maye gurbinta. Ki nemi takarda mai sa hannun likita da hatimin asibiti, ki haɗa ta da wasiƙar neman hutu, ki yi kwafi biyu, a buga miki hatimin karɓa da kwanan wata a kan naki.

A ce wata mai karɓar kuɗi ce a wani babban kanti a Kano, shekararta uku a wurin, albashinta naira 120,000. Likita ya ce ana sa ran haihuwa ranar 15 ga Agusta. Mako shida baya ya faɗa 4 ga Yuli, ranar da hutunta zai iya farawa. Haihuwa ta ɗan yi jinkiri, ta sauka 20 ga Agusta, to mako shidan baya yana ƙarewa 1 ga Oktoba, domin daga ranar haihuwa ake ƙirga shi, ba daga ranar da likita ya yi hasashe ba. Cikin wannan lokaci mafi ƙarancin abin da za a biya ta shi ne naira 60,000 a wata.

Daga 4 ga Yuli zuwa 1 ga Oktoba ba a ba ta notis na sallama. Dokar ta ƙara wani abu da masu aiki da yawa ba su lura da shi ba: ba a ba ta notis ɗin da wa'adinsa zai cika a cikin hutun. Wadda ta yi shekara biyu zuwa biyar, notis ɗinta mako biyu ne a ƙarƙashin sashe na 11. Idan aka miƙa mata takarda ranar 25 ga Yuni, wa'adin zai cika 9 ga Yuli, tana cikin hutu, don haka ya saɓa doka. Amma idan aka ba ta ranar 10 ga Yuni, ya cika 24 ga wata, sashe na 54 bai kama mai kantin ba. Wannan ita ce ƙofar da masu wayo suke bi, da zarar sun ga ciki ya fito. Akwai maganinta, za mu zo kansa.

Mataki na uku: ki ɗaure kujerarki da rubutu

Wannan shi ne matakin da na fi ba muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Yarjejeniya ta 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2000, ta ce mace za ta koma muƙaminta ko makamancinsa a kan albashi ɗaya. Nijar ta amince da ita a 2019, Najeriya ba ta amince ba. Tunda dokarmu ta yi shiru, ke za ki sa a yi magana.

A cikin wasiƙar neman hutun ki rubuta sunan muƙaminki, da matakin albashinki, da reshen da kike, da ranar da za ki dawo, ki ce za ki koma wannan muƙami. Ki roƙi a amsa miki a rubuce. Idan takardar amincewa ta fito ɗauke da waɗannan, kin sami abin riƙewa. Sannan ki rubuta takardar miƙa aiki, ki bayyana a ciki cewa wadda ta karɓa riƙon ƙwarya take yi zuwa rana kaza, ku sa hannu ku biyu. Kalmar riƙon ƙwarya ɗin nan ƙarama ce, amma ita take hana a ce daga baya ai kin bar wurin da kanki.

Ki tafi gida da kwafin takardun albashi na wata shida, da duk wata takardar yabo ko ƙarin girma. Kada ki bar su a imel ɗin ofis, domin ana iya rufe shi rana ɗaya. Idan da kwantiragi na wa'adi kike aiki, ki duba ranar ƙarewarsa. Kwantiragin da ya ƙare da kansa ba notis ba ne, saboda haka ki nemi a sabunta shi kafin ki tafi.

Mataki na huɗu: idan jiki bai warware ba

Wadda aka yi wa tiyata, ko jininta ya hau, ba lallai ta iya dawowa ranar da ta ce ba. Kariyar tana ci gaba idan likita ya tabbatar a rubuce cewa ciwon daga cikin ko haihuwar ya samo asali, kuma ya hana ta aiki. Ki aika takardar kafin hutun ya ƙare. Zaman wankan jego a gidan iyaye, ko rashin mai reno, dalilai ne da kowa ya fahimta, amma doka ba ta ƙirga su ba. Idan kina son ƙarin kwanaki saboda su, ki nemi hutunki na shekara ko hutu ba albashi, a amince miki a rubuce. Kuma duk matsin da za a yi miki ta waya, kada ki rubuta takardar ajiye aiki da hannunki.

Mataki na biyar: ranar dawowa

Ki je a ranar da aka rubuta, ki sa hannu a rajistar zuwa, ki miƙa 'yar gajeruwar wasiƙar kama aiki. Mai shayarwa tana da rabin awa sau biyu a rana cikin lokacin aiki.

A ce mai karɓar kuɗin nan ta dawo aka ce an ba wata injinta, ita ta koma sito. Canjin tebur kaɗai ba laifi ba ne, mai aiki yana da ikon juya ma'aikatansa. Abin dubawa uku ne: albashi da alawus sun ragu? Matakinta ya sauka? An kai ta wurin da aka san mai goyo ba za ta iya ba, kamar reshe mai nisa ko aikin dare, don ta gaji ta tafi? Idan albashinta yana nan 120,000 kuma matakin bai canza ba, da wuya ta ci nasara a kotu. Idan an mayar da shi 90,000, an sauya sharuɗɗan aikinta ba da yardarta ba. Ta ci gaba da zuwa aiki, amma cikin makon ta rubuta cewa ba ta amince ba, ta haɗa da kwafin takardar amincewar hutu. Yin shiru wata da watanni tana karɓar sabon albashi, ana iya fassara shi da yarda.

Wani lokaci za a ce an soke muƙamin ne saboda rage ma'aikata. Sashe na 20 ya ce a sanar da ƙungiyar ma'aikata ko wakilinsu, kuma a fara da wanda ya zo ƙarshe, tare da la'akari da cancanta. Idan ita mai shekara uku aka cire, wadda ta riƙe mata wurin wata uku tana nan, tambayar ta fito fili.

Mataki na shida: inda ake kai ƙara

Ki fara da ƙungiyarku in akwai, sai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya na jiharku, inda ake kiran ɓangarorin biyu a yi sulhu. Idan ya gagara, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumi, tana da rassa a Kano da Kaduna da Jos da Abuja. Gyaran tsarin mulki na 2010, a sashe na 254C, ya ba ta ikon sauraron ƙarar nuna bambanci a wurin aiki da yin la'akari da ƙa'idojin ƙwadago na duniya. Nan ne maganin notis ɗin 10 ga Yuni yake, kuma nan ne manajar da sashe na 54 bai rufe ba take samun mafaka. A shari'ar wata mata mai suna Maiya, da ta kai ƙarar wurin aikinta bayan an sallame ta tana da ciki, shari'ar da aka buga a rahotannin shari'a na 2012, kotun ta yanke cewa sallamar mace saboda ciki nuna bambanci ne, ta ba ta diyyar albashin shekara guda. Abin da ke gina irin wannan ƙara shi ne jerin kwanaki: ranar da aka san da cikin, da ranar da takardar sallama ta fito, da tsabtar fayil ɗinki kafin nan.

Ki san abin da za ki iya samu. A kamfani mai zaman kansa, kotu ta fi bayar da diyya, ba kasafai take tilasta a mayar da mutum aiki ba. Ma'aikaciyar gwamnati da dokoki suka kafa aikinta ita ake iya mayarwa kujerarta da bashin albashinta. Ita kuma kada ta yi jinkiri: akwai dokar da ta sa wa'adin wata uku ga mai ƙarar jami'in gwamnati, kuma hukunce-hukuncen kotuna sun sha bamban a kan ko ta shafi ƙarar aiki. Ta ga lauya cikin makon da takardar ta iso hannunta, in babu kuɗi ta nufi ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA a jiharta.